Rasit biyu, ciniki ɗaya: wasiƙar Kawu zuwa hedikwatar banki

Kawuna manomi ne, ɗan cikin birnin Zariya. Gidansa na wajen Ƙofar Kuyambana, gonarsa kuma tana kan hanyar Giwa. Duk shekara idan damina ta kawo kai yakan shiga Sabon Gari ya sayi taki wurin wani dila da suka daɗe tare. A waccan shekarar takin da ya ɗauka ya kama naira 265,000. Ya miƙa katinsa, yaron shago ya sa a na'urar POS, Kawu ya danna lambar sirrinsa. Na'urar ta yi ta juyi, can ta fito da takarda an rubuta DECLINED. Yaron ya ce sabis ne ba shi da kyau, a sake gwadawa. Aka sake, wannan karon ta rubuta APPROVED. Aka loda taki, kowa ya kama gabansa.

Sai bayan magariba Kawu ya duba wayarsa ya tarar da alat biyu. An cire 265,000, bayan minti uku an sake cire 265,000. Washegari ya koma wurin dila, dila ya buɗe masa lissafin na'urarsa, biya ɗaya ne ya shigo. Ragowar kuɗin, waɗanda Kawu ya ware don 'yan ƙwadago da maganin ciyawa, ba sa wurin dila, ba sa cikin asusunsa.

Daga nan aka fara sintiri. Reshen bankinsa yana unguwar PZ, sai ya hau keke daga Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya je ya bi layi. Zuwan farko aka ce ya jira, irin wannan kuɗi suna dawowa da kansu. Zuwa na biyu aka ba shi fom ya cika. Zuwa na uku aka ce masa an bincika, cinikin ya tafi daidai, dila ya karɓi kuɗinsa. Ya rantse ya maya, aka sake ba shi fom. Bayan mako biyu amsar da ta zo ita ce dai ta farko. Ya kira layin kula da kwastoma sau uku, kowane kira sai ya faro labarin daga tushe ga mutumin da bai taɓa jin sa ba, a ce masa an shigar. Ranar da ya zo gidana a Tudun Wada kwana arba'in ke nan da cinikin, kuma ya riga ya ranci kuɗi wurin maƙwabcinsa ya biya masu noma.

Ya ce mini, "Ɗana, kai ne mai biro. Ka rubuta wa babbansu na Legas, ka faɗa masa ban yafe ba."

Na ce, "Kawu, za mu rubuta. Amma ka ba ni mako guda mu fara gano inda abin ya cije."

Bai ji daɗin jinkirin ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai na san abin da ke faruwa da wasiƙar da ta isa sama ba ta ɗauke da komai sai ɓacin rai. Wanda ya karɓe ta zai tura ta ƙasa, ta faɗa hannun waɗanda suka riga suka ce komai daidai ne, su maimaita abin da suka faɗa, a aiko maka da amsar a kan takarda mai tambarin hedikwata. Daga nan ka ƙona harsashinka mafi tsada a banza.

Tambayata ta farko ita ce ko rasit ɗin suna nan. Allah ya taimake mu, Kawu mutum ne mai ajiya, duka biyun suna ninke cikin littafin da yake rubuta bashi. Amma takardar POS da zafi ake buga rubutunta, ba da tawada ba, shi ya sa take kodewa idan ta daɗe a aljihu ko ta sha rana. Na DECLINED ɗin ya riga ya fara dusashewa. A daren na ɗauki hotonsu da waya, da safe muka yi fotokwafi.

A jikin kowane rasit akwai lamba mai harafi RRN a gabanta, lambobi 12 ne, kuma kowane ciniki da tasa. Ita ce sunan cinikin a wurin bankuna. Rasit ɗin da ya faɗi lambarsa ta ƙare da 4417, wanda ya tafi daidai tasa ta ƙare da 4452. Rana ɗaya, shago ɗaya, na'ura ɗaya, kuɗi iri ɗaya. In ka cire mintuna ukun da ke tsakaninsu, wannan lambar ce ta raba cinikin biyu a wurin banki.

A nan ya kamata mai karatu ya san hanyar da koken POS yake bi, don ita ce ta bayyana duk wahalar Kawu. Bankin da ya ba ka kati daban, bankin da ke riƙe da na'urar ɗan kasuwa sau da yawa daban, kuma a tsakaninsu akwai kamfanin da ke isar da saƙo daga wannan zuwa wancan. Idan bankinka ya cire kuɗi amma amsar ba ta koma ga na'ura a kan lokaci ba, na'urar za ta ce cinikin ya faɗi alhali kuɗi sun bar asusunka. Yawanci na'urorin da kansu suke mayar da su. Idan ba su mayar ba, ma'aikacin reshe ba shi da ikon zaro kuɗin ya ba ka. Abin da zai iya shi ne ya shigar da koke a kan wannan cinikin, koken ya tafi bankin ɗan kasuwa, su tambayi ɗan kasuwa ko ya karɓi kuɗi ya ba da kaya. In ya kawo rasit mai nuna cinikin ya tafi, sai a rufe koken.

Muka je reshe tare. Ban je da faɗa ba, abu uku na roƙa: takardar bayanin asusu ta wannan watan da hatimin banki a jiki, lambar bibiyar kowane koke da aka shigar, da lambar RRN da aka rubuta a cikin koken. Tun 2019 Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna su riƙa bai wa duk mai koke lambar bibiya, amma Kawu bai taɓa jin labarinta ba, ba kuma wanda ya ba shi. Baiwar Allahn da ke teburin ta duba kwamfuta ta karanto mana. Koke biyu aka shigar, kuma dukansu a kan lambar da ta ƙare da 4452.

Wato sau biyu ana tambayar dila game da cinikin da ba a yi jayayya a kansa ba, sau biyu yana kawo rasit na gaskiya, sau biyu ana rufe koken. Ba wanda ya yi ƙarya. Kawu ya rubuta rana da adadin kuɗi a fom, wanda ya shigar ya ga layi biyu iri ɗaya a kwamfuta ya ɗauki na ƙarshe. Cinikin da ya cinye kuɗin, ko sau ɗaya ba a taɓa yin tambaya a kansa ba.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Na ce to a shigar da sabon koke da lambar da ta dace. Ta gwada a gabanmu, ta ce abin ya ƙi karɓa, kwanakin da ake ba su na shigar da irin wannan daga reshe sun wuce, sai dai sashen kati na hedikwata. Ta kai mu wurin manaja, ya saurare mu da mutunci, ya ce zai tura musu saƙo. Muka jira kwana takwas. Da muka koma ya ce shi ma amsa yake jira.

A ganina wannan ne lokacin rubuta wa manya, kuma alamarsa ba yawan zuwan da ka yi ba ce. Alamar ita ce wanda ke gabanka ya yarda kana da gaskiya amma mabuɗin ba ya hannunsa. Da a zuwa na biyu Kawu ya rubuta wa Legas, da za a ce masa ya koma reshe, kuma da gaskiyarsu. Yanzu kuwa muna da ƙa'idar da aka saɓa, da kuskuren da za a iya nunawa da yatsa, da shaidar cewa reshe ya kai iyakar ƙarfinsa.

Ƙa'idar ba ɓoyayya ba ce. A watan Yuni na 2020 Babban Banki ya rage wa'adin warware rigimar cinikin POS zuwa awa 72. Haka kuma tsarinsa na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna ya ce ka fara kai koke bankinka, idan mako biyu suka wuce ba a warware ba kana da damar kai shi gaban Babban Bankin. Mu mun doshi kwana hamsin.

Kawu ya zauna a tabarma ya yi mini shifta. Ya faro daga shekarar da ya buɗe asusun, ya bi ta kan yadda wani matashi a kanta ya yi masa magana ba tare da ya ɗago kai ba, ya kawo kuɗin keken da ya kashe, ya rufe da Allah ya isa. Na rubuta duka, don yana da haƙƙin a ji shi, ya cika shafi uku. Sannan na ce masa wannan tamu ce, ta Legas daban za ta zama. Mutumin da zai buɗe wasiƙar bai san Kawu ba, bai san PZ ba, kuma akwai wasu tuli a gabansa. Abin da nake so shi ne kafin ya kai ƙarshen sakin layi na farko ya iya buɗe kwamfutarsa ya ga abin da muka gani.

Da Turanci aka rubuta ta, shafi ɗaya, zuwa ga Manajan Darakta. A kanun wasiƙar na sa lambar asusu, adadin kuɗin, da cikakkiyar lambar RRN ta cinikin da ya faɗi. Ga ma'anar abin da ta ƙunsa bayan gaisuwa:

"An cire naira 265,000 daga asusuna sau biyu a kan ciniki ɗaya na POS. Cirewar farko, mai lambar da ta ƙare da 4417, na'ura ta ƙi ta, kuma ɗan kasuwar bai karɓi kuɗin ba. Ta biyu, mai lambar da ta ƙare da 4452, ta tafi daidai, ba ni da jayayya a kanta. Ina roƙon a mayar mini da kuɗin cirewar farko.

"Reshenku ya shigar da koke sau biyu, ga lambobin bibiyarsu, amma dukansu a kan ciniki na biyu aka shigar, shi ya sa aka rufe su. Ba a taɓa bincikar ciniki na farko ba. Reshen ya shaida mini cewa yanzu sashen kati na hedikwata ne kaɗai zai iya buɗe batun.

"Ni manomi ne, kuɗin aikin gona ne, kuma na ci bashi don cike gurbinsu. Wa'adin awa 72 da Babban Banki ya gindaya ya wuce da fiye da mako shida. Ina roƙon a mayar da kuɗin cikin kwana bakwai na aiki, a kuma sanar da ni a rubuce. Idan hakan bai samu ba zan miƙa koken ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki."

A ƙasa na jero ranakun zuwansa reshe da na kiran waya, kowanne layi ɗaya da abin da aka faɗa masa. Muka haɗa da fotokwafin rasit biyu, takardar bayanin asusu mai hatimi wadda na ja layi ƙarƙashin cirewa biyun, da 'yar takarda daga dila yana tabbatar da cewa biya ɗaya ya samu a ranar. Wannan ta ƙarshe sai da muka yi zuwa biyu Sabon Gari, don dila yana tsoron kada sunansa ya shiga rigimar banki. Da Kawu ya nuna masa cewa takardar wanke shi take yi, sai ya sa hannu.

Wurin da muka fi daɗewa muna ja-in-ja da Kawu shi ne maganar matashin nan na kanta. Yana so a sa sunansa. Na ƙi, ba don abin da ya yi daidai ne ba. Idan wasiƙa ta ɗauko buƙata biyu, kuɗi da ladabtar da ma'aikaci, sai ta rabu gida biyu, kuma ɓangaren ladabtarwa yakan sa reshe ya shiga kare kansa maimakon ya taimaka. Mu kuwa muna buƙatar manajan nan ya gaskata mu idan Legas ta kira shi. Ban da haka, wanda ya ɗauki layin da ba shi ba a kwamfuta kuskure ya yi, irin wanda fom ɗin kansa ya buɗe wa ƙofa tunda ba a nemi lambar daga Kawu ba. Na ce idan kuɗi suka dawo kuma har yanzu abin na cin sa, za mu rubuta ta biyu a kan wulaƙancin kaɗai. Daga cikin shafi ukun nan nasa, jimla ɗaya na bari, ta bashin da ya ci, don ita ce ke nuna jinkirin yana da illa.

Lauya ma bai shiga wasiƙar ba, haka 'yan jarida. Kawu ba shi da kuɗin lauya, kuma masu karanta irin waɗannan wasiƙu sun san bambancin wanda zai aikata da wanda ke cika baki. Akwai kuma haɗarin da zarar an ambaci kotu a miƙa takardar ga sashen shari'a na kamfanin, su kuwa aikinsu kare kamfani ne, ba gaggawar biyan ka ba. Babban Banki shi ne matakin da muke da haƙƙinsa, ba a biyan ko kwabo, kuma da gaske za mu je.

Sai yadda za ta isa. Kawu ne ya sa hannu, irin sa hannun da ke fayil ɗinsa na banki, kuma lambar wayarsa muka sa, wadda alat ke shigowa. Banki ba zai tattauna asusun mutum da ɗan 'yar'uwarsa ba, kome kyawun Turancinsa. Muka yi kwafi uku. Ɗaya ta tafi hedikwata ta hannun kamfanin kai saƙo, muka riƙe rasit ɗinsu. Ɗaya muka kai wa manajan reshe, muka roƙi a buga mana hatimin karɓa da kwanan wata a kan tamu. Wasu suna ɓoye wa reshe cewa sun rubuta sama, ni ban ga amfanin hakan ba. Gara ya ji daga bakinmu. Sannan na tura hoton wasiƙar da takardun ta imel zuwa adireshin koke da ke shafin bankin na hukuma. Ban yi farautar imel ɗin daraktoci goma na watsa musu ba, don wasiƙar da aka aika wa kowa, kowa yakan ɗauka wani ne zai amsa.

Na faɗa wa Kawu tun farko kada ya sa rai Manajan Darakta da kansa zai karanta. A manyan kamfanoni irin wannan wasiƙa tana sauka ne a teburin wasu ma'aikata da ke kula da koken da ya zo ofishinsa. Amfaninta shi ne ta shigo ta ƙofar da ake bibiyar abin da ya shiga, kuma waɗanda ke can suna iya ɗaga waya su kira sashen kati kai tsaye, abin da manajan reshe ya kasa samu a kwana takwas.

Na kuma ja masa kunne a kan abu ɗaya. Duk wanda ya kira ya ce daga hedikwata yake, sannan ya nemi lambar sirrin kati, ko lambobi ukun bayan kati, ko lambar OTP da ta shigo waya, to ɓarawo ne, ya kashe wayar. Mai jiran kuɗinsa su dawo shi ne ya fi sauƙin faɗawa hannunsu, don kiran yake jira. A wasiƙar ma ba mu rubuta cikakkiyar lambar katin ba, lambobi huɗun ƙarshe kawai, kamar yadda suke a rasit.

Kwana biyu bayan imel ɗin amsa ta zo da sabuwar lambar bibiya. Ba ta ce komai ba sai cewa ana dubawa, amma na lura sun maimaita lambar da ta ƙare da 4417, wannan ya nuna mini wani ya karanta. A rana ta biyar ta aiki wata mata ta kira Kawu yana gona. Ta tambaye shi sunan shagon da lokacin cinikin, ta ce an ga kuɗin, sun bar asusunsa amma ba su je ga dila ba. Wa'adin kwana bakwai ya cika ba alat. Kawu ya ce mu tafi Kaduna, reshen Babban Banki. Na riga na tsara takardar, kwafin wasiƙarmu ce da shaidar isarta da sabuwar lambar bibiya, don Babban Banki yakan nemi shaidar cewa ka fara bin bankinka. Amma na roƙe shi mu aika layi biyu tukuna: wa'adi ya cika jiya, gobe za mu miƙa. Da la'asar ta wannan ranar alat ya shigo, 265,000 cif.

Abin da bai dawo ba shi ma yana da yawa. Kuɗin keke da ranakun aikin gona da ya rasa ba wanda ya biya, mu ma ba mu nema ba, don na ga nema zai jinkirta uwar kuɗin. Wani zai ce kuskure ne, kuma ba zan yi musu sosai ba. Amsar da muka roƙa a rubuce ta zo bayan mako guda, layi uku, ta ba da haƙuri a kan jinkiri amma ba ta ambaci cewa an shigar da koke a kan cinikin da ba shi ba. Wannan ya dame ni fiye da kuɗin keken, don fom ɗin da ya jawo abin yana nan yadda yake.

Wasiƙa ta biyu, ta wulaƙancin kanta, Kawu bai sake tayar da ita ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kai wa maƙwabcinsa kuɗinsa, sannan ya biyo ta gidana da buhun gyaɗa rabi. Kafin ya tafi ya zaro sabon rasit na maganin feshi da ya saya a Sabon Gari, ya miƙo mini wayarsa.

"Ɗana, nuna mini yadda ake ɗaukar hoton nan, yadda lambar za ta fito sosai."